Burin Jinya: Yadda Ake Rubuta Shi Don A Iya Gane An Cim Masa Ko Ba A Cim Masa Ba

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a asibiti ya san amsar da ake ba shi. Ka ce yaya jiki, a ce maka da sauƙi. Ka koma bayan kwana uku, da sauƙi. Ko ranar da jiki ya fi tsananta, amsar ba ta canjawa, domin haka aka tarbiyyantar da mu, kuma addu'a ce da kyautata zato ga Allah. A bakin ɗan'uwa wannan magana ba ta da aibi. Inda take zama matsala shi ne idan ta shiga fayil ɗin mara lafiya, nas ta ɗauki biro ta rubuta cewa burin jinya shi ne “mara lafiya zai samu sauƙi”, bayan mako guda wata nas ta zo ta rubuta a ƙasa “yana samun sauƙi”. An cika takarda, an sa hannu, amma babu wanda zai iya faɗa maka ko aikin da aka yi kwana bakwai ya tsinana wani abu.

Takardar da ake magana a kai ita ce tsarin kula da mara lafiya, wadda ma'aikatan jinya ke cikawa daban da abin da likita yake rubutawa. Tana bin matakai biyar: a duba mara lafiya a tattara bayanansa, a fitar da matsalarsa, a tsara abin da ake son cim ma, a aiwatar, sannan a dawo a auna. Wasu malaman jinya biyu a Amurka, Helen Yura da Mary Walsh, su ne suka shimfiɗa wannan hanya a littafinsu na 1967 da matakai huɗu, daga baya aka ware fitar da matsala ya zama mataki mai zaman kansa. Yau duk ɗalibin makarantar jinya a Kano ko Zariya ko Sakkwato yana haddace su kafin jarrabawa. Sai dai mataki na biyar a kan na uku yake tsaye. Idan tun wajen tsarawa ba a rubuta abin da za a iya aunawa ba, ranar awo babu abin da za a ɗora a kan ma'auni.

Mu ɗauki misalin wani dattijo manomi mai shekara 64, nauyinsa kilo 60, wanda hawan jini ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki na hagu. An kwantar da shi ranar Asabar, ɗansa ne ke jinyarsa. Ranar Litinin da safe nas ta duba shi ta samu abubuwa uku. A cikin awa 24 da suka wuce ruwan da ya sha bai fi mililita 600 ba, fitsarinsa kaɗan ne kuma ya yi duhu. A ƙugunsa, daidai ƙashin da ke taɓa katifa, akwai wani wuri da fata ta sauya launi, tsawonsa santimita 3, faɗinsa santimita 2. Kuma idan aka zaunar da shi a bakin gado, ba ya kai minti ɗaya sai ya karkata hagu.

Waɗannan lambobi, 600 da 3 da 2 da minti ɗaya, su ne mafari, kuma rabin aikin ke nan. Buri ba ya aunuwa idan ba a san inda aka tashi ba. Nas ɗin da ta rubuta “ba ya shan ruwa sosai” ta rufe wa kanta ƙofa, domin jibi ba za ta iya cewa ya ƙaru ko ya ragu ba.

A fara da ruwan, shi ya fi sauƙi kuma shi ya fi gaggawa. Abin da aka fi gani a irin wannan takarda shi ne “a ƙarfafa masa gwiwa ya riƙa shan ruwa sosai”. Kuskure biyu ne a jimla ɗaya. Na farko, jimlar tana faɗin abin da nas za ta yi ne, ba abin da zai faru ga Baba ba. Na biyu, kalmar “sosai” ba ta da gwargwado: sosai ɗin ɗansa kofi biyu ne, sosai ɗin nas ta dare kuwa wataƙila kofi shida. Ga yadda ya kamata ta fito: “Daga ƙarfe 8 na safen Talata zuwa ƙarfe 8 na safen Laraba, Baba zai sha ruwa da kunu da shayi da ba su gaza mililita 1,500 ba, kuma fitsarinsa ba zai gaza mililita 720 ba.”

Daga ina 720 ta fito? Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce babban mutum ya fitar da fitsari aƙalla rabin mililita a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace awa. Mai kilo 60 ke nan mililita 30 a awa, a ninka sau 24 a samu 720. Ba nas ce ta ƙago lambar don ta yi kyau a takarda ba. Ita kuma 1,500 tana da wani amfani da ba kowa ke lura da shi ba: ledar fiya wata ɗaya mililita 500 ce, saboda haka ana iya ce wa yaron, “Malam, abin da Baba zai sha daga safiyar nan zuwa ta gobe ya kai kimanin leda uku, duk kofin da ya shanye ka ja layi a takardar nan.” Yanzu mai jinya ya shigo cikin aikin, ya san abin da ake nema. Amma a kula, ba kowa ake sa wa wannan adadi ba. Mai ciwon zuciya ko ƙoda sau da yawa rage masa ruwa ake yi, kuma wanda ɓarin jikinsa ya shanye sai an gwada haɗiyarsa kafin a fara ba shi komai ta baki, don kada ruwa ya sarƙe shi ya bi ta huhu. Lamba a kan mutumin da ke kwance ake yanka ta, ba a kwafo ta daga fayil ɗin maƙwabcin gadonsa.

Idan aka kwance jimlar nan za a ga abin da ya sa ta tsaya da ƙafarta. Ta ambaci wanda ake magana a kansa. Ta yi amfani da aikin da ido ke gani, wato sha da fitarwa. Ta faɗi nawa, ta kuma faɗi zuwa yaushe. Tela ba ya karɓar yadi a ce masa “ka ɗinka daidai, zan zo wani lokaci”. Sai ya ɗauki awo ya rubuta ranar karɓa, in ba haka ba rigima ce ranar jajibirin Sallah. Ɗaliban jinya sun san waɗannan sharuɗɗa da sunan SMART, taƙaitawar da wani masanin harkar gudanarwa, George Doran, ya fito da ita a 1981 don manajojin kamfanoni, daga baya fannin lafiya ya aro ta. Haddace haruffan ba wuya. Gwajin da na fi yarda da shi ya fi haka sauƙi: a miƙa takardar ga nas ɗin da ba ta taɓa ganin mara lafiyan ba, wadda ta dawo daga hutu yau. Idan za ta iya zuwa bakin gado ta ce “an cim ma” ko “ba a cim ma ba” ba tare da ta tambayi wadda ta rubuta me take nufi ba, burin ya rubutu.

Batun fata shi ne inda ƙwararru ma suke zamewa. Kusan kowace takarda za ka ga an rubuta a gurbin buri: “a riƙa juya shi duk bayan awa biyu”. Juyawa aiki ne mai kyau, dole ne ma, amma gurbinsa daban ne, yana cikin jerin abubuwan da za a yi. Illar cakuɗa su ita ce ana iya juya Baba sau goma sha biyu a rana, a sa alama a kowane layi, ranar awo a rubuta “an cim ma buri”, alhali fatar ta riga ta fashe saboda zanin gadon yana jiƙe da fitsari. An auna ƙoƙarin ma'aikata, ba a auna ƙugun mara lafiya ba. Burin da ya dace shi ne: “Zuwa safiyar Juma'a, wurin da ya sauya launi a ƙugu ba zai wuce santimita 3 da santimita 2 ba, fatar ba ta fashe ba, kuma babu sabon wuri a diddige, kafaɗa ko kwatangwalo.”

Wani zai ce ai wannan ba ci gaba ba ne, tsayawa wuri ɗaya ne. Haka ne, kuma daidai ne. Ga wanda ba ya iya motsa kansa, hana gyambon kwanciya buɗewa nasara ce da ta cancanci a rubuta ta, tunda idan ya buɗe yana iya cin watanni kafin ya rufe.

Akwai wani abu a nan da ya shafe mu kai tsaye. Littattafan jinya da yawa suna cewa alamar farko ta gyambon kwanciya ja ne wanda ba ya washewa idan an danna shi da yatsa. A farar fata aka fi ganin haka. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Abin da ake gani shi ne wurin ya fi kewayensa duhu, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ya yi ɗumi ko tauri idan an taɓa. Nas ɗin da ta kwafo “ba za a ga ja a fata ba” daga littafi ta rubuta burin da zai cika kullum, har ranar da ƙugu zai ɓare. Ma'aunin ya zama wanda zai iya nuna matsala a jikin mutumin da ake jinya, kuma a duba da hasken rana ko fitila mai kyau, da hannu, da abin awo na santimita. Asibitocin da ke amfani da ma'aunin Braden, wanda Barbara Braden da Nancy Bergstrom suka fitar a 1987, suna da ƙarin madogara: yana ba da maki daga 6 zuwa 23, ƙarancin maki yana nuna yawan haɗari, kuma daga 18 zuwa ƙasa ana ɗaukar babban mutum yana cikin haɗari. Makin yana nuna wanda za a sa wa ido, amma bai ɗauke wa kowa ɗaga riga a duba ba.

Sai na uku, motsi, wanda shi ne ya fi damun Baba kansa. A nan kafin a rubuta komai sai an tambaye shi. Nas ta ce, “Baba, me ka fi so ka ga ka iya yi da kanka?” Da wuya ya ambaci ƙarfin tsoka. Abin da zai ce shi ne yana so ya yi sallah a zaune maimakon a kwance, kuma yana so ya daina sa ɗansa yana kawo masa fo. Waɗannan biyun su ne burin, aikin nas da likitan gashi shi ne su mayar da su abin da ake aunawa. Na kusa: “Zuwa Litinin mai zuwa, Baba zai zauna a bakin gado, ƙafafunsa a ƙasa, ba tare da an riƙe shi ba, na minti 10, sau biyu a rana.” Minti goma ya ishe shi sallah ɗaya cikin natsuwa, shi ya sa aka zaɓe shi. Na nesa: “Cikin mako huɗu, zai taka mita 10 daga gado zuwa banɗaki da sandar dogarawa mai ƙafa huɗu, mutum ɗaya yana riƙe da shi ta hagu.”

Sharuɗɗan da ke cikin jimlolin nan ba ado ba ne. Zama da matashi uku a baya daban, zama ba tare da jingina ba daban. Tafiya da mutum biyu suna ɗauke da rabin nauyinka daban, tafiya da mutum ɗaya daban. Idan ba a rubuta yanayin ba, nas ta safe za ta auna abu ɗaya, ta yamma ta auna wani, su yi ta saɓani a kan mutum ɗaya.

Kuma ban ga amfanin rubuta “zai koma tafiya kamar da” ba. Babu wanda ya san haka a kwana na uku bayan shanyewar jiki. Burin da ya fi ƙarfin mara lafiya yana karya masa zuciya, wanda ya yi sauƙi da yawa kuma yaudara ce, ana rubuta shi ne don takarda ta yi kyau ranar da shugabar ɗaki za ta duba. Masu aikin gashi suna da wata dabara ta kauce wa duka biyun, wadda Thomas Kiresuk da Robert Sherman suka ƙirƙiro a 1968 a Minnesota don masu taɓin hankali. Ana rubuta matakai biyar tun kafin a fara. Abin da ake sa ran samu shi ne sifiri, akwai matakai biyu a samansa, biyu a ƙasansa. Ga Baba, sifiri shi ne minti 10. Minti 15 mataki ɗaya ne sama, minti 20 mataki biyu. Minti 5 zuwa 9 mataki ɗaya ne ƙasa, abin da bai kai 5 ba mataki biyu. Tunda an rubuta su tun ranar farko, babu mai iya matsar da layi bayan ya ga sakamako.

To, ranar awo ta zo. Laraba da safe an haɗa layukan da yaron ya ja, Baba ya sha mililita 1,600, fitsari 900. Hukunci: an cim ma. Za a ci gaba da haka, a sake dubawa bayan kwana uku. Juma'a an auna ƙugu, santimita 3 da 2, fata ba ta fashe ba, diddige lafiya. An cim ma. Litinin kuwa aka zaunar da shi, ya yi minti 6 ya ce jiri yake ji. Hukunci: an cim ma wani ɓangare. Hukuncin awo uku ne kawai, an cim ma, an cim ma wani ɓangare, ko ba a cim ma ba, kuma kowanne sai an biyo shi da shaida: nawa aka samu, wace rana, wa ya auna.

Wannan minti 6 ɗin ya fi sauran sakamakon biyu amfani, domin shi ne ya tilasta tambaya. Me ya sa bai kai 10 ba? Ko tun farko an yi zari wajen sa lambar? Ko ba a zaunar da shi sau biyu kullum kamar yadda aka tsara ba, saboda ranar Asabar da Lahadi nas biyu ne a ɗaki mai gado talatin? Ko akwai wani abu da ba a gano ba? Da aka duba takardar, sai aka ga jirin ya fi zuwa a zaman safe, jim kaɗan bayan ya sha maganin hawan jini. Aka auna jininsa a kwance, aka sake aunawa a zaune, aka ga yana faɗuwa idan ya tashi. Aka sanar da likita ya duba maganin, aka mayar da zaman safe zuwa hantsi, aka sa sabuwar rana: minti 10 zuwa Juma'a. Da burin “zai samu ƙarfin jiki” aka rubuta, da an sa “yana samun ƙarfi” an wuce, jirin kuma yana nan har ranar da zai kayar da shi a banɗaki. Gani ya kori ji.

Abu ɗaya da bai kamata a yi ba shi ne a goge 10 a mayar da ita 5 don a rubuta an cim ma. Tsohon burin ya zauna yadda yake da hukuncinsa, sabon ya zo a ƙasa da kwanan watansa.

Akwai abubuwan da mutane ke cewa ba sa aunuwa, kamar ciwo da fahimta da damuwa. Suna aunuwa, sai dai ta bakin mai su ko ta aikinsa. Ciwo ana tambayar mara lafiya ya ba shi maki daga 0 zuwa 10. Wanda lissafi bai zauna masa ba ana nuna masa zanen fuskoki daga mai murmushi zuwa mai kuka ya zaɓa. Sai a rubuta: “Ciwon kafaɗar hagu zai sauko daga 7 zuwa 3 ko ƙasa, awa ɗaya bayan shan magani.” Sai dai dattijo irin Baba yana iya cewa 2 alhali yana cije leɓe, don a wurinsa raki abin kunya ne, saboda haka a haɗa da abin da ido ya gani: yana barin a ɗaga hannun ko yana janyewa, yana barci ko yana kwana a farke. Fahimta kuwa, kalmomi irin su “zai gane” da “zai sani” da “zai fahimta” ba su da wuri a gurbin buri, tunda babu mai leƙa cikin kan wani. Ka tambayi yaron ko ya gane, zai ce ya gane, don girmamawa. A rubuta: “Kafin ranar sallama, ɗansa zai juya Baba daga baya zuwa gefe a gaban nas sau biyu ba tare da ya ja hannun da ya shanye ba, kuma zai faɗi sunan kowane magani da lokacin shansa ba tare da an tuna masa ba.”

Lamba ma tana da iyakarta. Ana iya cika takarda da buri goma sha biyu masu lambobi, babu ɗaya da za a waiwaya. A ɗakin da ma'aikata suka yi ƙaranci, buri uku da za a auna a ranar da aka sa sun fi dozin da za su kwana a fayil. Kuma ga wanda ciwonsa ya wuce magani, ana jiran lokaci, ba a neman ƙarin kilo ko ƙarin taku. Abin da za a rubuta shi ne ciwo bai wuce 3 ba, bakinsa bai bushe ba, ya yi barcin awa huɗu a jere. Waɗannan ma ana auna su.

Bayan sallama, aikin yana komawa hannun iyali, kuma hanyar ba ta sauyawa. Littafin rubutu na ɗan makaranta ya isa. A auna tazarar ɗakin Baba zuwa zaure sau ɗaya a san ko taku nawa ne, a rubuta inda ya kai kowace Juma'a da wanda ya riƙe shi. Idan ana auna hawan jini a gida ko a kemis, a riƙa yi a hannu ɗaya, a lokaci ɗaya, bayan ya zauna ya huta minti biyar, in ba haka ba lambobin ba za su kwatantu da juna ba. Ranar komawa asibiti a tafi da littafin.

Mai karatu, idan kana da mara lafiya a kwance, kana da damar ka tambayi nas ko likita cikin ladabi: me muke so ya iya yi, nawa, kuma zuwa wace rana? Ka rubuta amsar da aka ba ka, ranar da aka ambata ka koma ka tambayi abin da aka samu.